"Ƙibar nan gadon gidanmu ce": da gaskiyarki, amma ba a nan maganar ta ƙare ba

1/ A wajen biki na ji wata goggo tana ce wa 'yar ƙanenta: "Ke dai ki rage ci, bakinki ne ya ja miki." Yarinyar ta ce: "Goggo, dubi Umma, dubi ke kanki. Gado ne." Aka yi dariya aka wuce. Ni kuwa abin ya tsaya min a rai, don kowacce a cikinsu ta riƙe rabin gaskiya ne. Zare ne mai ɗan tsawo, ku gyara zama.

2/ Ra'ayina tun daga farko, don kada in ja ku da nisa: gado yana da hannu a ƙiba fiye da yadda masu gori suke zato. Amma abin da ake gada shi ne yadda jiki ke amsa abinci da zama, musamman ƙarfin yunwa. Adadin kilo ɗin da za ka kai bai zo a rubuce ba. A tsakanin nan ne ikon mutum yake, kuma ya fi yadda masu cewa "ƙaddara ce" suke tsammani.

3/ Mu fara da tambayar da kowa zai yi. Idan uwa mai jiki ce, 'ya'yanta ma masu jiki, ta ina za a gane jini ne ko tukunya? Ai tuwo ɗaya suke ci, mai ɗaya ake zuba musu a miya. Gida yana ba ka abu biyu a lokaci guda: ƙwayoyin gado da kuma al'adar cin abinci. Sai an raba su kafin a san aikin kowanne.

4/ Masana sun samo hanyar raba su. A 1986 wani likita Ba'amurke, Albert Stunkard, da abokan aikinsa suka bi bayanan mutum 540 a Denmak waɗanda tun suna ƙanana aka ba da su riƙo ga wasu iyaye da ba dangin jini ba. Suka gwada jikinsu bayan sun girma da na iyayen da suka haife su, da kuma na waɗanda suka rene su.

5/ Sakamakon ya ba mutane mamaki. Jikin 'yan riƙon ya bi na iyayen da suka haife su, waɗanda ba su ci daga tukunyarsu ba. Da iyayen riƙo kuwa, masu dafa musu abinci shekara da shekaru, ba a ga wata alaƙa ta a zo a gani ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ko da a wani daji ya tashi.

6/ A 1990 Stunkard ya sake dubawa, wannan karon da tagwaye a Suwidin. Tagwaye masu kama ɗaya sak, irin Hassan da Hussainin da ko maƙwabta ba sa bambancewa, ƙwayoyin gadonsu ɗaya ne. An samu wasu da aka raba tun suna yara, kowa ya tashi a gidansa. Da suka girma, nauyinsu ya yi kusa da juna kusan kamar na tagwayen da suka tashi ɗaki ɗaya.

7/ Daga irin wannan bincike ne aka samo adadin da za ku riƙa gani: gado yana bayyana kashi 40 zuwa 70 cikin ɗari na bambancin ƙiba. A nan mutane da yawa suke zamewa, don haka bari in tsaya. Ba ana nufin kilo 70 cikin kilo 100 ɗinka na Baba ne, 30 naka ba. Jikin mutum ɗaya ba ya rabuwa haka.

8/ Ga abin da ake nufi. Ka tara mutanen gari ɗaya, masu cin abinci kusan iri ɗaya, a zamani ɗaya. Wasu sirara, wasu masu jiki. Me ya bambanta su? Kaso mai yawa na wannan bambancin daga gado yake. Amma idan ka canza garin gaba ɗaya, abinci ya ƙaru, tafiyar ƙafa ta ragu, kowa zai iya ƙara nauyi alhali jininsa bai canza ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

9/ Binciken da ya fi burge ni an yi shi ne a Kebek ta Kanada, Claude Bouchard ya jagoranta, aka wallafa a 1990. Samari tagwaye masu kama ɗaya, ma'aurata 12, wato mutum 24. Aka zaunar da su wuri ɗaya ana lura da su, aka riƙa ƙara wa kowa kalori 1,000 a kan abin da jikinsa ke buƙata, kwana shida a mako, tsawon kwana 100.

10/ Don ku gane yawansa, kalori 1,000 ya yi kusan lemon kwalba biyar na rabin lita, kullum, a kan abincinka na yau da gobe. Kowa an ƙara masa daidai da na ɗan'uwansa, jimilla kalori 84,000. In da jiki lissafi ne zalla kamar na aji uku, da duk sun ƙara kilo iri ɗaya.

11/ Ba haka aka gani ba. Matsakaicin ƙarin ya kai kilo 8. Amma wani kilo 4 da 'yan kai kawai ya ƙara, wani kuma ya haura kilo 13. Ninki uku kenan, a kan ƙarin abinci iri ɗaya. Kuma kowane Hassan ya fi kama da nasa Hussainin, a yawan abin da ya ƙara da kuma inda kitsen ya taru, ko a tumbi ko a wani wuri.

12/ Saboda haka idan ƙawarki ta ce "wallahi abin da take ci nake ci, ni nake ƙiba ita ko a jikinta", kada ki yi saurin ƙaryata ta. Yana iya zama gaskiya. Sai dai ku lura da ɗaya ɓangaren: a cikin samarin nan 24 babu wanda bai ƙara nauyi ba. Ƙarin abincin ne ya tayar da abin, gado ya yanke iya nisan da zai kai.

13/ To ta wace hanya gado yake aiki? Yawancinmu muna zaton cikin mai ƙiba ne "ba ya ƙona abinci". Akwai ɗan wannan, amma mafi yawan ƙwayoyin gadon da aka gano suna da alaƙa da ƙiba, a ƙwaƙwalwa suke aiki. Su ne ke da hannu a yadda yunwa ke kama ka, da lokacin da za ka ji ka ƙoshi, da yadda ƙamshin suya ke jan hankalinka bayan ka riga ka ci tuwo.

14/ Misali mafi bayyana shi ne sinadarin leftin, wanda Jeffrey Friedman da tawagarsa suka gano a 1994. Kitsen jiki ne ke fitar da shi, ya tafi ƙwaƙwalwa da saƙon cewa akwai ajiya, a sassauta neman abinci. A 1997 likitoci a Kambirij ta Ingila suka ga yara biyu 'yan dangi ɗaya, 'yan asalin Pakistan, waɗanda jikinsu ba ya yin leftin mai aiki.

15/ Yaran nan kullum cikin yunwa suke kamar waɗanda aka hana abinci, ga ƙiba mai tsanani tun suna ƙanana. Ƙwaƙwalwarsu ba ta samun saƙon cewa akwai kitse. Da aka fara yi wa irin waɗannan yara allurar leftin, yunwar ta kwanta, nauyin ya sauka. Da a unguwarmu suke, da an gama sa musu suna acici, a ce iyayensu ba su iya tarbiyya ba.

16/ Kafin wani ya ce "ni ma shi ke damuna": wannan lalura ba ta cika faruwa ba ko kaɗan, kuma allurar leftin ba ta rage wa sauran masu ƙiba wani abin kirki, don su nasu leftin ɗin ma yawa gare shi. Na kawo labarin ne don ku ga cewa yunwa aikin jiki ce. Wanda yake fama da ita ba lallai ne ya fi ka kwaɗayi ko raunin zuciya ba.

17/ Ga yawancin mutane, babu wata ƙwayar gado ɗaya da za a nuna a ce ita ce. Ɗaruruwa ne, kowacce da ɗan guntun tasirinta. Wadda ta fi suna ita ce FTO, da aka gano a 2007. Wanda ya gaji nau'in mai jawo ƙiba daga uwa da uba duka, a matsakaici ya fi wanda bai gada ba da kusan kilo 3. Kilo 3 fa, ba 30 ba.

18/ Kuma a 2011 aka haɗa bincike da dama na mutane sama da dubu 200, aka ga tasirin FTO ya ragu da kusan kashi 27 cikin ɗari a wurin manya masu motsa jiki. Ƙwayar tana nan, ba ta goge ba, amma ƙarfinta ya ragu da fiye da kwata. Wannan shi ne abin da nake nufi da cewa gado yana tura ka ne, kuma yadda kake rayuwa yana ƙara wa turin ƙarfi ko ya rage masa.

19/ Mu koma kan maganar canza gari. Akwai ƙabilar Pima, wasu a jihar Arizona ta Amurka, wasu a duwatsun Sonora ta Meziko, asalinsu ɗaya. Na Meziko manoma ne masu aikin ƙarfi da abincin gargajiya. Binciken da aka wallafa a 2006 ya samu ciwon suga a kusan kashi 7 cikin ɗari na Pima na Meziko, a na Arizona kuwa kashi 38. Ƙiba ma haka, ta fi yawa nesa ba kusa ba a Arizona.

20/ An yi makamancin wannan da mu ma. Richard Cooper da Amy Luke na Jami'ar Loyola a Amurka sun gwada baƙaƙen fata 'yan asalin Afirka ta Yamma a Najeriya, da Jamaika, da Amurka. Ƙiba ta fi ƙaranci a Najeriya, ta ƙaru a Jamaika, ta fi yawa a Amurka. Tushe kusan ɗaya, rayuwa daban, jiki daban.

21/ Ba sai ka je Amurka ba ma. Kakarka ta yi surfe da daka, ta ɗebo ruwa a rijiya, ta taka zuwa gona da kasuwa. Kai daga ƙofar gida sai adaidaita, sai kujerar aji ko ofis, sai waya har ƙarfe biyun dare da taliyar 'yan yara da lemo a gefe. Ƙwayoyin gado ba sa canzawa cikin zuriya biyu. Mai yiwuwa kakar tana ɗauke da irin naka sak, ba su dai samu filin nuna kansu ba.

22/ To me ya rage a hannun mutum? Bari mu yi lissafi da misali, ba wata takamaimiya nake nufi ba. Budurwa 'yar shekara 26, tsayinta santimita 160, nauyinta kilo 84. Mahaifiyarta da ƙannen mahaifiyar duk masu jiki ne, mahaifiyar kuma tana da ciwon suga. Ta sha shayin rage teɓa na intanet, ta yi kwana da kwanaki ba ta cin abincin dare, ta sauke kilo 6, bayan wata huɗu ya dawo.

23/ Ma'aunin BMI ɗinta: a raba nauyi da tsayi a mita sau kansa, wato 84 ÷ (1.6 × 1.6), ya ba da kusan 33. Daga 30 ake kira ƙiba a likitance. Don ta sauko 25 sai ta koma kilo 64, ta zubar da kilo 20 kenan. Mutane kaɗan ne ke iya wannan da canjin abinci kaɗai kuma su riƙe shi shekaru. Idan ta sa wannan a matsayin buri, da wuya ba ta karaya ba.

24/ Dalilin dawowar kilo 6 ɗin ma sananne ne. Idan nauyi ya sauka, leftin yana raguwa, sinadaran yunwa su ƙaru, jiki kuma ya ɗan rage abin da yake ƙonawa. Wani bincike a Ostareliya a 2011 ya ga cewa shekara guda bayan mutane sun rage nauyi, waɗannan sinadarai ba su koma yadda suke ba, yunwarsu na nan sama. Jikinta ne ke kare ajiyarsa, ita kuma tana zagin kanta a banza.

25/ Ga burin da ya fi ma'ana. A Amurka an yi wani babban gwaji da mutum sama da 3,000 da sugansu ya fara hawa amma bai kai ciwo ba, aka wallafa a 2002. An nemi wani rukuni su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su yi tafiyar sauri minti 150 a mako. Cikin kusan shekara uku, kamuwa da ciwon suga a cikinsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari.

26/ Kashi 7 na kilo 84 bai kai kilo 6 cif ba. Wato ta koma 78 ta tsaya a nan. A hoto za ta ci gaba da zama mai jiki, goggo ma ba lallai ta lura ba. Amma ga wadda mahaifiyarta ke da suga, wannan kilo 6 ɗin da aka riƙe ya fi kilo 20 da aka zubar a wata uku ya dawo da riba. Minti 150 kuma rabin awa ne, kwana biyar a mako.

27/ Ta ina kilo 6 zai fito ba tare da ta azabtar da kanta ba? Tunda gado ta hanyar yunwa yake bi, a fara da abin da ke shiga ciki ba ya ƙosarwa. Lemon kwalba na rabin lita yana ɗauke da suga wajen giram 50, fiye da ƙaramin cokali goma, kalori kusan 200, kuma bayan ka sha za ka ci abincinka yadda ka saba. Zoɓo da kunun aya da aka cika wa suga su ma layi ɗaya suke.

28/ Sai mai. Babban cokali ɗaya, na gyaɗa ne ko manja, kalori wajen 120 ne. Ki duba yawan da ake kwarara wa shinkafa da wake ko ɗanwake, da wanda ƙosai da awara ke sha a kasko. Auna mai da cokali maimakon tuttula shi daga galan yana rage abu mai yawa, kuma girman abincin da ke faranti bai canza ba, don haka ciki ba zai yi ƙorafi sosai ba.

29/ Abin da ke riƙe ciki kuma a ƙara shi: wake, ƙwai, kifi, kwaɗon zogale ko rama, miyar ganye mai yawa a kan malmala ɗaya maimakon biyu. Wanda ya gaji yunwa mai ƙarfi ba zai ci nasara da "zan daure" ba, don dauriya tana ƙarewa da dare. Dabarar ita ce abin da ya fi jan ka kada ya kwana a ɗakinka. Barci ma a ba shi haƙƙinsa, ƙarancinsa yana ƙara yunwa washegari.

30/ Kuma kada sikeli ya zama alƙali shi kaɗai. Ki ari tef ɗin tela, ki auna cikinki tsakanin ƙasan haƙarƙari da saman ƙashin ƙugu, kusa da cibiya, bayan kin saki numfashi. Abin so kada ya kai rabin tsayinki. Ga mai santimita 160, ƙasa da 80 kenan. Kitsen tumbi ya fi na cinya da mazaunai haɗari ga suga da zuciya, kuma yakan ragu da motsa jiki ko da sikeli bai motsa sosai ba.

31/ Amfanin sanin tarihin gida ke nan a wurina. Idan Umma ko Baba na da suga ko hawan jini, wannan dalili ne na fara auna suga da jini tun kana ɗan shekara ashirin da wani abu, ba sai jiri ya kayar da kai ba. Ka tambayi manya: wa ke da me, a wace shekara ya fara? Bayani ne da likita zai yi aiki da shi, kuma kyauta ne.

32/ Wani gargaɗi: ba kowace ƙiba ce ta gado ba. Ta gado takan taho a hankali cikin shekaru, kuma za ka ga irinta a dangi. Idan nauyi ya hau cikin 'yan watanni ba tare da ka canza komai ba, ko ƙafafu na kumbura, ko al'ada ta rikice ga gashi na fitowa a haɓa, ko kasala da jin sanyi sun yi yawa, je asibiti. Wasu magunguna ma na sa ƙiba. Kada ka daina su da kanka, ka gaya wa likitan da ya rubuta.

33/ Sirara, ban manta da ku ba. Rashin jiki ma ana gadonsa, kuma gorin "kamar ba a ba ki abinci" yana da ciwo, musamman gab da biki. Shi ke tura 'yan mata ga sha-ka-fashe. Ƙwayar deksametason ba jikin lafiya take ginawa ba: fuska ta kumbura, kitse ya taru a ciki, fata ta yi rauni, suga da jini su hau, garkuwar jiki ta sauka. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, akwai haɗari, a wurin likita ake janye ta a hankali.

34/ Na san wani zai ce: "Kana ba mutane uzuri ne kawai, wanda ya ji gado ne sai ya miƙe ƙafa." Na fahimci tsoron. Amma mun shekara nawa muna gori a gidajen biki da ƙarƙashin hotunan mutane, wa ya rame saboda shi? Abin da na fi gani shi ne mutum ya daina zuwa taro, ya ji kunyar fita tafiya, ya koma sayen shayin da ba a san me ke ciki ba.

35/ Wanda ya san jikinsa na saurin ajiya ya san cewa lemon da abokinsa ke sha kullum ba tare da komai ba, shi zai biya kuɗinsa a tumbi. Ba adalci ba ne, na yarda. Haka wani ke gadon raunin ido ya sa tabarau, ba wanda ya ce masa rago. Kuma ga wanda ƙibarsa ta yi tsanani, neman taimakon likita, har da magani ko tiyata inda ya dace, ba abin kunya ba ne.

36/ Da zan koma wajen bikin nan, da na ce wa goggo: ki bar yarinyar nan, jikin gidanku ta ɗauko, kuma yunwar da take ji ba ita ta zaɓa ba. Ita kuma in ce mata: ƙanwata, ba lallai ki taɓa zama siririya ba, kuma ba dole ba ne. Ki auna ƙugu da suga da jini, ki ajiye lemon, ki nemi abokiyar tafiya bayan la'asar, ki ba abin wata shida. Ku faɗa min a ƙasa, a gidanku ɓangaren wa aka fi ɗaukowa, na uwa ko na uba?